Tayin Cash Out: nawa kamfani ke yanka kafin ya sayi tikitinka?

*Malam, a Jidda nake aiki, amma ina da wani asusun caca da na buɗe tun ina gida. Na sa naira 10,000 a kan Al-Ittihad za ta ci Al-Hilal, od 3.00, wato naira 30,000 idan ya shiga. A minti na 70 Ittihad na gaba da ci ɗaya, sai suka yi mini tayin Cash Out na naira 20,000, na karɓa. A lokacin allon yana nuna Ittihad 1.30, kunnen doki 4.50, Hilal 13.00. Wasu abokan ɗakina sun ce na yi wayo tunda na ninka kuɗina, ɗaya kuma ya ce an cuce ni. Yaya ake lissafa wannan tayin, kuma wa ya ci riba a cikinsa?*

Ƙanena, abokin nan naka guda ɗaya ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ba irin cutar da yake nufi ba ce. Ba wanda ya ɗauki sisinka a ɓoye. Sayar musu da kaya ka yi ƙasa da darajarsa, kuma su suka yanke farashin. Aikina lissafin inshora ne, kullum muna sa wa abin da bai faru ba farashi, don haka bari in bi da kai ta lambobin da ka kawo, tunda Allah ya sa ka riƙe su.

Abin da ya kamata ka fara gyarawa a tunaninka shi ne abin da kake kwatanta tayin da shi. Kai da abokanka kun ɗora 20,000 kusa da 10,000 da ka sa, sai kuka ga ninki. Amma a minti na 70 wannan 10,000 ta riga ta zama tarihi. Abin da ke hannunka a lokacin takarda ce da ke cewa za a ba mai ita naira 30,000 idan Ittihad ta riƙe cinta na minti ashirin da ɗan ƙari, idan kuma aka farke bai samu komai ba. Tambayar ita ce nawa wannan takarda ta kai a wannan mintin. Amsar kuwa ba ta da wuya: kuɗin da za a biya, a ninka shi da yiwuwar a biya ɗin.

```
darajar tikiti = kuɗin da za a biya × yiwuwar cin tikitin
```

Yiwuwar tana ɓoye cikin od ɗin da ke kan allo, kuma ana fito da ita ta hanyar raba 1 da od. Idan ka raba 1 da 1.30 za ka sami kashi 76.9 cikin ɗari. Kunnen doki a 4.50 ya ba da kashi 22.2, Hilal a 13.00 ta ba da kashi 7.7. To haɗa su ukun. Wasa dai dole ya ƙare a ɗaya daga cikin ukun nan, saboda haka ya kamata jimlar ta tsaya a ɗari cif. Sai ga ta ta kai 106.8. Wannan shida da ɗigo takwas da ya hau sama ba kuskuren lissafi ba ne, la'adar kamfani ce, an yayyafa ta a kan kowane od ta yadda duk wanda ka zaɓa za a biya ka ƙasa da abin da ya dace.

Don ka cire la'adar, raba 76.9 da 106.8. Sai ka sami kashi 72 cikin ɗari. Wannan shi ne kusan abin da kamfanin da kansa ya yi imani da shi game da Ittihad a wannan mintin. Kashi 72 na naira 30,000 kuwa naira 21,600 ne. Nan darajar tikitinka ta tsaya, ka sayar da shi 20,000, ka bar musu 1,600. Kusan kashi bakwai da rabi ke nan na darajar kayanka, a danna maɓalli ɗaya.

Wannan lissafin ma na yi musu sassauci a cikinsa. Na raba la'adar daidai a kan ukun gwargwadon girmansu, alhali masu sa farashi sun saba ɗora mafi nauyinta a kan wanda ake ganin ba zai ci ba, irin wannan 13.00 ɗin, saboda masu neman ƙaramin kuɗi ya zama babba ba sa duba tsada. Idan haka aka yi a wasan nan, yiwuwar Ittihad ta ɗan haura 72, abin da ka bari kuma ya haura 1,600.

Yanzu dubi abin ta wata fuskar, wadda ni na fi so don ba ta bukatar a cire komai. A daidai wannan mintin, a ce wani a ɗakinku yana son sabon tikiti irin naka sak, mai biyan 30,000 idan Ittihad ta ci. Nawa zai biya? Raba 30,000 da 1.30, naira 23,077 ke nan. Kamfani ɗaya, minti ɗaya, takarda iri ɗaya: yana sayar da ita 23,077, yana sayen taka 20,000. Ka san 'yan canjin Balad, tsohon garin Jidda. Tun 1986 riyal yake tsaye a 3.75 kan dala ɗaya, amma allon ɗan canji lambobi biyu ne da shi, na saye da na sayarwa, kuma abincinsa a tsakaninsu yake. Bambancin kawai shi ne tazarar ɗan canji 'yan halaloli ce, wato kwabban riyal, don idan ya tsawwala maka taku biyar za ka yi ka shiga shagon gaba. Tikitinka kuwa mutum ɗaya ne tak a duniya zai iya saye, wanda ya sayar maka da shi. Shi ya sa tazarar ta haura naira dubu uku.

Akwai ƙa'idar da matasa ke yaɗawa, wai Cash Out shi ne abin da ka sa, a ninka da od na farko, a raba da od na yanzu. Da ita ce gaskiya, da 23,077 aka ba ka. Ba kamfanin da zai biya wannan, domin zai zama ya mayar maka da la'adarsa har da ƙari. Daga wannan lambar ake fara ragi. Kowane kamfani da yadda yake yin nasa ragin, kuma ba sa buga shi a fili, amma za ka iya auna shi da wani gwaji. Sayar da tikitin "Ittihad za ta ci" daidai yake da sayen tikitin "Ittihad ba za ta ci ba". Da ka sa 6,667 a kan kunnen doki a 4.50, ka sa 2,308 a kan Hilal a 13.00, to duk yadda wasan ya ƙare 30,000 za ta shigo. Cire 8,975 da ka kashe, saura kusan 21,025. Ba cewa nake ka je ka ƙara caca a kan caca ba, ma'auni ne kawai nake nuna maka. Ko da ka biya cikakkiyar la'adarsu a kan sabbin tikiti biyu, da ka tashi da abin da ya fi tayin da naira dubu. Wannan dubun ita ce kuɗin maɓalli, ladan sauƙaƙa maka da kuma sanin cewa a minti na 70 zuciyarka na bugawa ba za ka zauna da kalkuleta ba.

Kuma ba wannan ne yankan farko ba. Mu ɗauka kafin a fara wasa od ɗin ya kasance Ittihad 3.00, kunnen doki 3.40, Hilal 2.30. Jimlarsu ta kai 106.2, yiwuwar Ittihad ta gaskiya kusan kashi 31.4, don haka tikitin da ka biya wa 10,000 darajarsa kusan 9,410 ce tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. An ci 590 a ƙofar shiga, an ci 1,600 a ƙofar fita. Wanda ya riƙe tikitinsa har ƙarshe sau ɗaya yake biyan la'ada, mai Cash Out sau biyu. Lura kuma ta biyun ta fi ta farko girma nesa ba kusa ba, saboda ana cire ta ne daga darajar tikitin da ta riga ta kumbura, ba daga 'yar abin da ka sa da farko ba. Gwargwadon yadda wasa ya yi maka kyau, gwargwadon yawan nairar da za su yanka.

Na san abin da abokanka za su ce: to da Hilal ta farke a minti na 88 fa? Gaskiya ne, da ka tashi a tutar babu. Amma ba ka gaya mini yadda wasan ya ƙare ba, ni ma ban tambaya ba, domin ba ya canza komai. Wasa ɗaya ba ya nuna ko farashi ya yi daidai. Ka ɗauka mutum ɗari ne ke riƙe da irin tikitinka a irin wannan hali, a wasanni ɗari daban-daban. Idan duk suka jira, kusan 72 za su karɓi 30,000, kamfani ya fitar da naira 2,160,000. Idan duk suka danna maɓallin, 2,000,000 zai fitar. Ya tsira da 160,000 ba tare da an buga ƙwallo ko ɗaya daban ba. Mutum 28 za su riƙa ba da labarin yadda Cash Out ya cece su, kuma labarinsu ne ke yawo a majalisa. Sauran 72 da kowannensu ya bar 10,000 a baya, sukan ce ai dai an ci riba, su yi shiru.

Inda wannan abu ya fi cin mutanenmu shi ne dogon tikiti, wanda ake jera wasanni biyar ko goma a kai. Tun farko la'adar tana hawa kan juna. Idan kowane wasa yana ɗauke da kashi 6, tikitin wasanni biyar yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa tun ranar da aka buga shi. To a ce mutum ya sa naira 1,000, huɗu sun shiga, saura na ƙarshe da za a buga da dare, od ɗinsa 1.50, idan ya shiga za a biya 200,000. Sai tayi ya fito, a ce 115,000. Ga wanda ya sa dubu ɗaya, wannan lamba tana rufe ido. Amma tambayi kanka, da tun farko bai sa wasa na biyar ɗin ba, nawa tikitin wasanni huɗun zai biya? Raba 200,000 da 1.50, ka sami 133,333. Da yanzu haka kuɗin suna asusunsa ba tare da ciniki ba. Ya ƙara wasa, bai tsaya an buga shi ba, kuma ya biya sama da 18,000 saboda ya rubuta shi kawai. Duk mai al'adar cewa zai jera da yawa sannan ya fita kafin na ƙarshe, wannan asarar yake sayen wa kansa kowane mako. Ga shi kuma kamfanoni da yawa suna cire garaɓasar da suke ƙarawa a kan dogon tikiti da zarar an yi Cash Out, sai ka ga lambar da aka yi ragin daga gare ta ma ba wadda ke rubuce a ƙasan tikitin ba ce.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce rabin ribar da ba a gani a lissafi. Ka taɓa lura cewa da an nufi ragar da kake tsoro, maɓallin sai ya dushe ya koma Suspended? Ba matsalar intanet ɗinka ba ce. Kamfanonin caca suna sayen bayanan wasa kai tsaye daga kamfanoni irin su Sportradar da Genius Sports, waɗanda ke da mutane a filin wasa suna aika kowane motsi nan take. Hoton da kake kallo a talabijin yana bayan fili da 'yan daƙiƙoƙi, na waya kuma ya fi haka jinkiri. Ko da a filin Jauhara na nan Jidda ake buga wasan, kai kana unguwar Hindawiyya, injinsu ya riga ka sanin an busa fanareti. Ana rufe kasuwa idan an ci ƙwallo, ko an ba da jan kati, ko alƙali ya tafi duba VAR, kuma da an rufe ta tayin ya tafi da ita. Sannan idan ka danna, ba nan take ake amincewa ba, akwai ɗan jinkiri da aka sa da gangan. Idan wani abu ya faru a cikin wannan taƙin, sai a soke, a kawo maka sabuwar lamba. Sakamakon shi ne ƙofar a buɗe take duk lokacin da ba abin da ke faruwa, a rufe take a lokacin da fita za ta amfane ka da gaske. Je ka karanta sharuɗɗansu, za ka tarar sun rubuta cewa ba su yi alkawarin tayin zai kasance a kowane lokaci ba, kuma ba ruwansu da asarar wanda ya dogara da shi. Kariyar da mai ba da ita zai iya janyewa a daidai lokacin hatsari, a wajenmu masu inshora ba ma kiranta kariya.

Asalin abin ma ba haka yake ba. A kasuwar musayar caca irin Betfair, wadda aka buɗe a Birtaniya a shekarar 2000, masu caca ne ke ciniki da junansu, kowa na iya saye ko sayarwa, gasa kuma tana matse tazarar da ke tsakanin farashin biyu. Daga baya kamfanonin caca na yau da kullum suka ɗauki maɓallin suka bar kasuwar, ya zama su ne masu saye, su ne masu sa farashi, su ne masu riƙe da makullin ƙofa.

Me ya sa mutane ke karɓa duk da haka? Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa idan mutum yana kan riba yakan fifita ƙaramin abu tabbatacce a kan babba mai shakka, ko da babban ya fi daraja a lissafi, amma idan yana kan asara sai ya gwammace ya ci gaba da kasada. Maɓallin nan a kan wannan halin aka ɗinka shi. Tikitin da ke tafiya daidai a sayar da shi da wuri a kan ragi, wanda ya lalace a riƙe shi har ƙarshe ana fatan mu'ujiza. Kamfani ya rage abin da zai biya a kan na farko, ya cinye na biyu ɗungurungum. Ban ce mai neman kwanciyar rai wawa ba ne. Wanda 115,000 za ta biya masa kuɗin haya, yana da hujjar ya karɓa ko da ya san an rage masa, kamar yadda mai mota ke biyan inshora yana sane da cewa kamfani na cin riba. Sai dai ya san nawa ya sayi kwanciyar ran, kar ya kira ta wayo. Partial Cash Out ma ba ya canza farashi, sayar da rabi ne a kan ragin nan dai: da rabin tikitinka ka sayar, da ka karɓi 10,000 a kan abin da ya kai 10,800. Auto Cash Out kuwa kai ne ka rubuta musu tun da wuri mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi, abin da ba mai sayar da kaya da ke gaya wa mai saye.

Akwai abin da ba zan tsallake ba tunda a nan kake zaune. Wasu na ɗauka wai idan sun fita kafin a tashi wasa, ciniki suka yi, ba caca ba. Takardar da ka saya ta caca ce, sayar da ita bai sauya mata hali ba, kuma ayar maisir da ke cikin Suratul Ma'ida ka san ta kamar yadda na san ta. Ta fuskar hukuma kuma caca haramtacciya ce a Saudiyya, an toshe shafukanta, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan uku ga mai shirya ko yaɗa abin da ya shafi shafukan caca. Wanda ke tura wa abokai lambar tikiti ko mahaɗin rajista a WhatsApp ya yi tunani a kan wannan, musamman baƙo mai zama da iƙama.

Wannan yana da alaƙa da lissafinmu kai tsaye, domin 20,000 ɗin nan ba aljihunka ta shiga ba, asusunka na cikin manhajar ta koma. Kamfanoni da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a yarda a yi wasa daga ƙasar da ta hana caca ba, ko ta hanyar ɓoye inda mutum yake da VPN, kuma suna da ikon rufe asusu su riƙe kuɗin idan suka gano. Galibi ba lokacin zuba kuɗi ake wannan binciken ba, sai ranar cirewa, kuma daga Jidda ba ka da ofishin da za ka kai ƙara. Idan ma ba a riƙe ba, kuɗin sun dawo hannunka minti ashirin kafin lokacinsu, ana tsakiyar wasannin dare, ga na Turai suna gudana. Da sauƙi mutum ya sake zuba su kafin ya kwanta. Idan ka mayar da 20,000 ɗin a kan wani wasa mai la'adar kashi 6, an sake yankar kusan 1,200, karo na uku ke nan a dare ɗaya a kan kuɗi ɗaya. Buɗe tarihin asusunka ka duba abin da ya biyo bayan wancan Cash Out ɗin, cirewa zuwa banki ko sabon tikiti, da kuma minti nawa ne a tsakaninsu.